Wasiƙar neman aiki ba kwafin sibi ba ce

Yawancin wasiƙun neman aikin da ke yawo a ofisoshin Kano, a shagunan kwamfuta ake haɗa su. Daga titin Kotu a Gyadi-Gyadi zuwa cikin Tarauni, har ka fita Hotoro, da wuya ka yi nisa ba ka ga shagon da ake buga takardu da ɗaukar hoton fasfo ba. Matashi zai shiga riƙe da takardar tarihin karatunsa da aikinsa, wadda kowa ke kira sibi, ya ce a haɗa masa da wasiƙa. Mai shago sai ya buɗo wadda ya yi wa wani jiya, ya goge suna ya sa sabo, sannan ya kwashi abin da ke jere cikin sibi ya mayar da shi jimloli. Ban ga laifin mai shago ba, shi aikinsa bugawa. Bai san yaron ba, bai kuma karanta sanarwar aikin ba. Amma abin da yaron ke fitowa da shi takarda ɗaya ce aka buga sau biyu, ɗaya a jere, ɗaya a zube.

Na yi shekaru ina aikin gudanarwa a wani asibiti mai zaman kansa a Tarauni, kuma duba takardun masu neman aiki yana cikin abin da ke wuyana. Ga yadda abin yake daga ɓangaren mai dubawa. Da sibi ake farawa, don a ga ko mutum ya cika sharaɗi: yana da digirin ko difilomar da aka nema, ya yi bautar ƙasa, shekarunsa sun yi. Wanda bai cika ba a ajiye shi gefe. Waɗanda suka rage, takardunsu kusan iri ɗaya ne. Kowa ya yi makaranta, kowa ya yi bautar ƙasa, kowa ya riƙo shaidar koyon kwamfuta ta wata uku ko shida. Kuma mutum biyar ko shida kacal za a iya kira a zauna da su. A nan ne mai dubawa ke juyawa ga wasiƙa da tambaya guda a ransa: cikin waɗannan duka, me ya sa zan kira wannan? Idan wasiƙa ta sake jero masa makarantun da ya gama karantawa yanzun nan, ba ta amsa masa komai ba, kuma ta cinye wurin da ya kamata amsar ta zauna.

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Hotoro, bayan defo ɗin mai na NNPC, ya kawo mini irin wannan wasiƙa wata ranar Asabar bayan la'asar. Babbar difiloma gare shi a fannin gudanar da kasuwanci daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ya kuma dawo daga bautar ƙasa. An turo masa wata sanarwa ta WhatsApp. Ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin kuɗi da suka yi yawa a kewayen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta wajen titin Zariya, yana neman jami'in sito. Sanarwar gajera ce. Ana son mai difiloma ko digiri, wanda ya yi shekara biyu yana aikin sito, ya iya Excel, zai iya lura da magunguna da kayan aiki kada su ƙare ko su lalace, kuma zai iya fitowa ranakun Asabar da Lahadi idan buƙata ta taso.

Da Turanci ya rubuta wasiƙar, kamar yadda aka saba. Ga abin da ta ƙunsa da Hausa. Ta fara da cewa yana rubutowa cikin girmamawa don neman gurbin aiki a wannan ma'aikata mai daraja. Sai sunansa, da ƙaramar hukumarsa, da shekarar haihuwarsa. Sai firamare, sai sakandare, sai ƙaramar difiloma, sai babba, kowace da shekararta. Sai inda ya yi bautar ƙasa. Daga nan ta ce shi mutum ne mai ƙwazo da gaskiya da riƙon amana, mai iya aiki da jama'a, mai jure matsin aiki. Ta rufe da cewa zai yi matuƙar godiya idan aka dubi buƙatarsa da idon rahama. Kalmar sito ba ta fito a cikinta ko sau ɗaya ba, sai a kan layin take.

Ya ce, "Kawu, Turancin nake so ka duba mini, ko akwai kuskure."

Turancin ba shi da matsalar da za a tsaya a kai, kuma wannan shi ne tarkon da mai duba wa wani wasiƙa ke faɗawa. Gyaran nahawu da waƙafi yana da sauƙi, ba ya ɓata wa kowa rai, kowa ya tashi yana ganin an yi aiki. Na ce masa mu bar Turanci tukuna. Na ajiye sibi a dama, wasiƙa a hagu, na miƙa masa jan biro, na ce duk jimlar da abin da ta faɗa yana cikin sibi ya ja mata layi. Na fi son mai wasiƙa ya ja layin da hannunsa, domin idan ni na ja, gardama za mu yi, idan shi ya ja, idonsa ne ya gani. Ya fara daga sama yana ja, yana ja, har ya zo tsakiyar shafi. Da ya gama sai na ce saura gwaji na biyu: duk jimlar da abokin karatunsa, ko ma wanda ke neman aikin gadi ko na koyarwa, zai iya sa wa hannu ba tare da ya canza ko harafi ɗaya ba, ita ma ya ja mata layi. Ƙwazo ya tafi, gaskiya ta tafi, jure matsin aiki ya tafi, idon rahama ma ya bi su. Abin da ya rage a shafin adireshi ne da kwanan wata da sa hannu.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "To Kawu me zan rubuta? Ai iyakar abin da nake da shi ke nan."

Kusan duk matashin da na zauna da shi a kan wannan magana sai ya faɗi haka, kuma kusan kullum ba haka abin yake ba. Abin da zai cika wasiƙa yana nan a kansa, ba a taɓa tambayarsa ba ne. Saboda haka babban aikin mai dubawa tambaya ce, gyaran rubutu daga baya yake zuwa.

Amma kafin a tambayi mai nema, sai an fara tambayar sanarwa. Na ce ya karanta ta a hankali, ya gaya mini abin da ke damun mutumin da ya rubuta ta. Ba wanda ke ɗaukar ma'aikaci ya ɗora wa kansa albashi kowane wata sai da wata damuwa. Asibitin da ya rubuta "kada su ƙare ko su lalace" ya taɓa wayar gari ba ruwan ƙari a sito ga mara lafiya a kwance, ko ya taɓa zubar da kwalayen maganin da wa'adinsu ya wuce bayan an biya kuɗinsu. Wanda ya sa maganar Asabar da Lahadi, ya taɓa neman mai makullin sito ranar hutu bai same shi ba. Zancen Excel kuma yana nuna sun gaji da lissafin da ke cikin kan mutum ɗaya ko cikin littafin da ba mai iya karanta shi sai mai shi. Muka fitar da damuwa uku: ƙarewar kaya, lalacewar kaya, da rashin samun mutum lokacin da ake nemansa. Na ce masa wasiƙarsa ba ta da wani aiki sai ta nuna ya fahimci waɗannan, kuma ya taɓa magance irinsu.

Sai na koma kan layi ɗaya na sibi ɗinsa, inda ya rubuta cewa ya yi bautar ƙasa a sashen sito na wani asibitin gwamnati. Na ce ya ba ni labarin ranar aiki guda, daga shigarsa da safe har tashi. Da farko ya ce ba wani abu, taimaka wa mai sito kawai yake yi. Na ce da me? Ya ce da cike katin kaya. Wane irin kati? Wanda ake rataye wa a jikin kowace kanta, ana rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage. Na ce ka taɓa samun abin da ke kan kati bai yi daidai da abin da ke kan kanta ba? Nan fuskarsa ta canza, ya gyara zama.

Ya ce lokacin da ya je, ya tarar ana fitar da kaya ne bisa wanda ya fi kusa da hannu. Sabon kaya idan ya zo a gaba ake jibge shi, tsoho yana can baya. Wata rana da ake ƙidayar ƙarshen wata ya jawo kwalayen ruwan ƙari daga lungu, ya ga saura wata uku wa'adinsu ya cika, alhali waɗanda ake ta fitarwa daga gaba suna da fiye da shekara. Ya nuna wa mai sito, aka ba shi izini ya sake jera kantocin, wanda zai riga lalacewa a gaba, mai dogon wa'adi a baya. Ya kuma buɗe shafi a Excel a tsohuwar kwamfutar ofis, ya sa sunan kowane kaya, da lambar rukunin da kamfani ya buga a jikinsa, da ranar ƙarewar wa'adi, ya saita shi yadda duk abin da ya rage masa ƙasa da wata shida layinsa zai yi ja. Ruwan nan duka an yi amfani da shi kafin wa'adi, ba a zubar da ko kwali ɗaya ba.

Na ce masa, "Kai, wannan duka yana cikinka ka zo kana gaya wa mutane shekarar da ka gama firamare?"

Ya ce ai shi bai ɗauke shi wani abu ba, aiki ne kawai.

Wanda ya san sito zai gane darajar wannan labari nan take. Ƙa'idar da aka fi koyarwa a aji ita ce kayan da ya fara shigowa shi zai fara fita. A siton magani wannan ba ta isa ba, domin dillali yana iya kawo maka yau kayan da wa'adinsa ya fi na wanda ka saya wata biyu da suka wuce kusa. Abin da ake bi shi ne wanda zai fara lalacewa ya fara fita, kuma ba ka iya bin wannan sai kana rubuta wa'adi da lambar rukuni tun ranar karɓar kaya. Yaron da ya gano haka da hannunsa a kan kanta ya riga ya amsa damuwa ta biyu ta masu sanarwa. Sibi ba ta da wurin da za ta ɗauki wannan labari. Ita layi ɗaya ta ba shi: wuri, muƙami, shekara.

Na ci gaba da tona. Firji fa? Ya ce akwai firjin da ake ajiye insulin da allurar da ake yi wa masu haihuwa don tsayar da jini, kuma shi ke rubuta ma'aunin sanyinsa safe da yamma a takardar da ke manne a ƙofa. Na ce nawa ya kamata ya nuna? Ya ce tsakanin 2 da 8, kuma idan ya sauka har insulin ya daskare, ya lalace ko da ya narke daga baya. Idan an ɗauke wuta fa? Ya ce ba a buɗe ƙofar sai dole, a sanar da mai janareta, idan abin zai daɗe a kwashe a zuba a akwatin sanyi. Mai haɗa magunguna ne ya koya masa. Wannan ma bai sa a ko'ina ba.

Saura maganar shekara biyu, wadda ita ta fi tsorata shi, har ya so ya ƙara wa watannin bautar ƙasarsa tsawo a takarda. Na hana shi. Shaidar kammala bautar ƙasa tana ɗauke da kwanan wata, mai dubawa kuma ya san shekara guda ake yi. Ƙarya irin wannan minti ɗaya ake kama ta, kuma a aikin sito, inda amana ce jarin mutum, ita kaɗai ta isa a rufe fayil. Na tambaye shi abin da yake yi lokacin hutu da ranakun da ba lacca tun yana ƙaramar difiloma. Ya ce yana zama a shagon yayan babansa a kasuwar Singa, inda suke sayar da kayan masarufi a kan sari. Me yake yi a can? Shi ke riƙe littafin shiga da fita, shi ke ƙirga kaya idan mota ta sauke, shi ke gaya wa Alhaji mai shagon lokacin da ya kamata a sake oda. Ta yaya yake sanin lokacin? Ya ce idan suna sayar da kwali goma sha biyu na wani kaya a mako, kuma kamfani na ɗaukar mako guda kafin ya kawo, ba ya bari ya sauka ƙasa da goma sha takwas: goma sha biyu na makon jira, shida na ko-ta-kwana saboda mota na iya makara. Wannan shi ne ainihin lissafin da ake koya wa ɗaliban harkar saye da adana kaya, shi kuma a kasuwa ya koye shi. Bai sa shi a sibi ba saboda a ganinsa zaman shagon gida ba aiki ba ne, tunda ba takardar ɗauka, ba albashi.

Matasan Kano da yawa suna zubar da wannan dukiya. Wanda ya tashi a Kwari ko Singa ko Dawanau ko Sabon Gari yana riƙe littafi, yana bin bashi, yana lallashin kwastoman da ya fusata, ya san abubuwan da ɗan ajinsu da bai taɓa zama a shago ba zai yi shekara bai koya ba. Wasiƙa ce wurin da ake fassara wannan zuwa abin da mai ɗaukar aiki zai gane.

Je ka kasuwar waya ta Fam Santa ka tsaya ka ga yadda gwanin mai sayarwa ke yi. Ba ya ɗaukar kwali ya karanta maka abin da aka rubuta a bayansa, ya san kana da ido. Tambayarka yake me za ka yi da wayar. Idan ka ce hoton kaya kake ɗauka kana tura wa kwastomomi, sai ya kunna ta, ya ɗauki hoto a gabanka, ya miƙo maka. Sibi ita ce rubutun bayan kwali, kuma tana da amfaninta. Wasiƙa kuwa kunna wayar ce a kan abin da mai saye ya ce yana so.

Na sallame shi ya je ya rubuta da kansa, da sharuɗɗa kaɗan. Shafi ɗaya, kada ya wuce kalma ɗari uku. Jimlar farko ta faɗi aikin da yake nema da inda ya ga sanarwa, ta biyu kuma ta faɗi dalili mafi ƙarfi da zai sa a kira shi. Hujja biyu, in ta yi yawa uku, kowace da abin da ya tarar, abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Kada ya kira kansa da wata siffa, ya bar labarin ya kira shi. Ban rubuta masa ko jimla ɗaya ba, da gangan. Wasiƙar da kawu ya rubuta, da muryar kawu take magana, kuma ranar ganawa ba kawu ne zai zauna a kujera ba. Na sha ganin yaro ya zo da wasiƙa mai santsin Turanci, a tambaye shi ma'anar jimla guda a cikinta ya kasa, daga nan sai a daina yarda da sauran abin da ke cikin fayil ɗinsa.

Ga tsakiyar abin da ya dawo da shi, da Hausa:

"A shekarar da na yi a siton asibiti lokacin bautar ƙasa, na tarar ana fitar da kaya ba tare da duba wa'adi ba. Da izinin mai sito na sake jera kantoci yadda wanda zai riga lalacewa zai riga fita, na kuma buɗe shafin Excel da ke nuna duk kayan da ya rage masa ƙasa da wata shida. Kwalayen ruwan ƙarin da saura wata uku su lalace, duka an yi amfani da su a kan lokaci. Ni ne kuma nake rubuta ma'aunin sanyin firjin insulin safe da yamma a ƙarƙashin kulawar mai haɗa magunguna.

"Kun nemi wanda ya yi shekara biyu a sito. A asibiti shekara ɗaya na yi. Kafin nan na yi shekaru ina riƙe littafin shiga da fita a shagon sari na danginmu a kasuwar Singa, inda nake lissafa lokacin sake oda daga cinikin mako da kwanakin da kamfani ke ɗauka kafin ya kawo. Da wannan lissafin zan kula kada kayan da kuke amfani da su kullum su yanke. A Hotoro nake zaune, don haka fitowa ranar Asabar ko Lahadi, ko da dare idan ta kama, ba zai yi mini wahala ba."

Akwai abubuwa biyu a nan da nake so mai karatu ya lura da su. Na farko, bautar ƙasa da Excel da Hotoro duk suna cikin sibi, ga su kuma sun sake fitowa a wasiƙa. To ashe ba a hana ambaton abin da ke cikin sibi ba. Abin da aka hana shi ne a ambace shi a bar shi tsirara. Hotoro a sibi adireshi ne kawai. A wasiƙa ya zama amsar damuwa ta uku, domin mai asibiti a titin Zariya ya san wanda zai taso daga Hotoro ya bi ta Tarauni ko Unguwa Uku ba ɗaya yake da wanda zai taso daga Rijiyar Zaki ko Kurna ba. Na biyu, ya fito fili ya faɗi inda bai cika sharaɗi ba. Mai dubawa zai ga giɓin ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Idan wasiƙa ta yi shiru, shi zai cike giɓin da zatonsa, kuma zaton mai tarin takardu a gabansa ba ya yi wa kowa sassauci.

Gyaran da na yi masa a zama na biyu kaɗan ne. Ya rubuta cewa ya "gyara siton gaba ɗaya", na ce ya sauke murya, domin ɗan bautar ƙasa ba ya gyara sito shi kaɗai, kuma mai sito na nan da ransa, ana iya kiransa a waya a tambaya. Shi ya sa maganar izini da ta kulawar mai haɗa magunguna suka shiga. Suna kuma nuna ya san iyakarsa, cewa jami'in sito ba shi ke yanke hukunci a kan magani ba. Ya so ya sa adadin kuɗin da ya ceto wa asibitin, na tambaye shi ko ya san farashin kwali a lokacin, ya ce sai dai ya ƙiyasta. Na ce ya bar shi. Lamba tana ƙara wa wasiƙa nauyi idan mutum zai iya tsayawa a kanta, in ba haka ba ita za ta kayar da shi. Na kuma cire roƙon da ya sake maƙalawa a ƙarshe, na cewa a taimaka masa saboda halin da ake ciki. A madadinsa ya rubuta cewa a shirye yake ya zo ya nuna musu shafin Excel ɗin, ga lambar wayarsa.

Wannan roƙo da wancan jerin makarantu tushensu ɗaya, kuma na fahimce shi. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, yaro ba ya tsayawa gaban babba yana cewa na iya, na iya. Saboda haka idan aka ce wa ɗan Bahaushe ya rubuta dalilin da zai sa a ɗauke shi, sai kunya ta tura shi inda ba za a zarge shi ba: ya jero takardun shaida, waɗanda ba shi ya yabi kansa a cikinsu ba, sannan ya roƙi alfarma. Ba na ce wa kowa ya yar da kunyarsa. Abin da nake nuna musu shi ne, tsohuwar wasiƙar ce ma ke cike da yabon kai, domin ita ce ta ce shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai amana, ba tare da shaida ko ɗaya ba. Sabuwar ba ta kira shi komai ba. Ta ce ga abin da ya faru a sito, ga abin da aka yi, ga wanda za a tambaya. Mai kunya yana iya rubuta wannan hankalinsa kwance, kamar yadda zai ba da shaida a gaban mai unguwa a kan abin da ya gani da idonsa.

Wasiƙa tana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye wa matasa ba. Yawancin ɗaukar aikin hukumomin tarayya yanzu ta shafin intanet ake cike fom, wani lokaci ba ma inda za a sa wasiƙa. Akwai kuma guraben da kowa ya san an riga an yi alkawarinsu kafin a fitar da sanarwa. Inda take da tasiri sosai shi ne wuraren da mai karantawa shi ne mai ciwon: asibitocin kuɗi, makarantu masu zaman kansu, kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa, ƙungiyoyin agaji, shagunan magani, duk inda mai wuri ko manajansa zai zauna da takardu ya zaɓa. Ko a can ma ba ta ba mutum aiki. Abin da take iya yi shi ne ta kai shi kujerar ganawa, ta kuma zaɓa masa tambayoyin da za a fara yi masa, tunda mai ganawa daga abin da ya karanta yake ɗauko tambaya.

Haka ta kasance da ɗan ƙanwata. Ya mayar da wasiƙar da sibi PDF, ya sa wa kowane fayil sunansa maimakon sunan da kwamfutar shago ta ba shi, ya tura. An kira shi, kuma ya ce tambayar farko da matar da ke kula da sashen magunguna ta yi masa ita ce me zai yi idan ya zo da safe ya tarar ma'aunin firji ya haura 8. Ya amsa, domin abin da ya yi da hannunsa ne.

Kafin sakamakon wannan ya fito, sai ga wata sanarwa daga wata makarantar kuɗi a Tarauni, suna neman mai taimaka wa akanta wajen karɓar kuɗin makaranta. Ya ce zai canza suna a saman wasiƙar asibiti ya tura. Na ce ya karanta sanarwar tukuna ya gaya mini damuwarsu. Ya karanta, ya ce iyayen da ke biya kashi-kashi, da rasit ɗin da ba ya daidaita da abin da banki ya nuna. Firji da ruwan ƙari ba su da abin cewa a nan. Muka koma shagon Singa, amma ta wata ƙofa: littafin bashi, yadda yake rubuta wanda ya karɓi kaya ya biya rabi, yadda yake daidaita kuɗin da aka turo ta waya da abin da ke cikin littafi kafin a rufe shago, da yadda ake tuna wa dattijo bashi ba tare da an ci masa fuska ba. Sibi ɗin bai taɓa ta ba sai layi ɗaya da ya ƙara na shagon. Wasiƙar kuwa sabuwa ya zauna ya rubuta daga farko.